Yadda za ki shawo kan ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa

Idan duk bayan wata biyu ko uku sai zafin fitsari ya dawo miki, kina ta zaryar banɗaki amma fitsarin ɗan ɗis-ɗis yake fita, mara ta riƙe, ki sha magani ya lafa, kina murna kin rabu da shi sai ga shi kuma, to ki sani likitoci suna da ma'aunin da suke auna wannan. Sau biyu cikin wata 6, ko sau uku cikin shekara ɗaya, shi ne ake kira ciwon mafitsara mai maimaituwa. Kuma da zarar kin kai wannan adadin, salon maganin ma canzawa yake, ba maganar a sha ƙwaya kwana uku a manta ba ce kuma, magana ce ta a gano me yake dawo da shi.

Bari in fara cire miki wani nauyi daga zuciya. Yawancin matan da ke fama da wannan ba ƙazanta ce ta jawo musu ba, wasu ma yawan wanke-wanken ne ya ƙara dagula musu lamarin. Halittar mace ce ta sa haka. Bututun da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje a jikin mace tsawonsa kamar santimita 4 ne kacal, na namiji kuwa ya kusa 20, sannan bakinsa yana kusa da farji da dubura. Ƙwayar cutar da ta fi jawo ciwon, wadda ake kira ikolai, a cikin hanjin kowa take zaune lafiya lau, matsalar tana farawa ne idan ta tsallako gaba ta hau wannan gajeren bututu ta shiga mafitsara. Wato yawanci daga jikinki take fitowa, ba daga zama kan masai ba.

Mataki na farko, a tabbatar shi ɗin ne

Nan ne mata da yawa suke ɓata shekaru. Duk abin da ya taɓa gaba, ko ƙaiƙayi ne, ko fitar ruwa, ko wari, ko zafin fitsari, sai a haɗa a ce sanyi ne, a sayo antibayotik a sha. Alhali cututtuka ne daban-daban kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Ciwon mafitsara na gaskiya kan zo ne farat ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu. Raɗaɗi lokacin da fitsari ke fita musamman a ƙarshensa, jin fitsari ya matse ki alhali yanzu kika fito, nauyi ko ciwo a mara, wani lokaci fitsarin ya yi duhu-duhu ko ki ga jini. Abin lura shi ne yawanci ba ya zuwa da ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa. Idan ƙaiƙayi ne ya fi damunki da wani farin abu mai kauri, wannan ya fi kama da ciwon fangas na farji, kuma antibayotik ƙara masa ƙarfi yake. Idan ruwa ne tsinkakke mai ƙarni, wani abu ne daban. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irinsu kilamidiya da gonoriya, suma suna sa zafin fitsari sak, amma gwajin fitsari na yau da kullum ba ya nuna su, sai an yi nasu gwajin, kuma dole a haɗa da maigida a maganin.

Don haka ranar da ciwon ya sake tasowa, kafin ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, ki je a yi miki kalca na fitsari. Shi ne gwajin da ake shuka fitsarin a lab a ga wace ƙwayar cuta ce za ta tsiro, sannan a gwada ta da magunguna kala-kala a ga wanne ke kashe ta wanne ta fi ƙarfinsa. Sakamakon yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Wannan ba shi ne gwajin tsinke da ake tsomawa a fitsari a ba ki amsa nan take ba, shi wancan hasashe kawai yake bayarwa, ba ya faɗin sunan ƙwayar balle maganinta.

Yadda kika tari fitsarin yana da muhimmanci sosai, don in kin yi kuskure a nan to kin yi asarar kuɗi da lokaci. Ki karɓi robar lab mai murfi, kar ki zuba a wata kwalbar da kika wanke a gida. Ki wanke hannu, ki ɗauraye gaba da ruwa zalla, ki buɗa leɓen gaban da yatsu biyu, ki fara fitsarin ki bar na farkon ya zube, sai ki tara robar a tsakiya ba tare da kin dakata ba, in ta kai rabi ki janye ki ƙarasa. Kar bakin robar ya taɓa fata, kar yatsa ya shiga ciki. Ki kai lab cikin awa 2, in ba zai yiwu ba a sa a firiji, don in ya daɗe a ɗumi ƙwayoyin da ke ciki hayayyafa suke yi su ba da sakamakon ƙarya. Idan kika ga takarda ta dawo an ce ƙwayoyi iri-iri sun tsiro a cakuɗe, galibi fitsarin ne ya gurɓata da na fata, sai a sake.

Ba sai kin zauna cikin azaba kina jiran sakamako ba. Da zarar kin miƙa fitsarin likita zai iya fara miki magani, in sakamako ya fito ya nuna bai dace ba a canza. Muhimmin abu dai fitsari ya riga magani.

Ki buɗe littafi

Wallahi wannan matakin ba ya cin ko sisi amma ya fi magunguna da yawa amfani. Ki samu ɗan littafi ko ki rubuta a wayarki. Duk lokacin da ciwon ya zo ki rubuta ranar da ya fara, me ya faru kwana ɗaya ko biyu kafin nan, an yi saduwa ne, kin yi doguwar tafiya kin riƙe fitsari, kina al'ada, cikinki ya ɗaure, sannan sunan ƙwayar da kalca ta nuna, maganin da aka ba ki, kwana nawa kika sha, yaushe kika ji sauƙi. Ki dinga ɗaukar hoton takardun lab kina ajiyewa.

Ga dalilin. Dawowar ciwon iri biyu ce. Akwai wanda yake dawowa cikin sati 2 da gama magani kuma ƙwayar nan dai ce, wannan yana nufin tun farko ba a kashe ta ba, ko maganin bai dace da ita ba, ko ba a sha shi daidai ba, ko kuma tana da maɓoya kamar tsakuwar ƙoda. Akwai kuma wanda ya warke sarai sai bayan watanni wani sabo ya shigo, kuma wannan shi ne ya fi yawa. Na farkon bincike yake buƙata, na biyun rigakafi. Ba tare da rubutu ba, ke da likitan duk lalube za ku yi.

Ruwa, da lissafinsa

Kowa zai ce miki ki sha ruwa da yawa, amma nawa ne da yawan? An yi wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan mata 140 masu wannan matsala waɗanda ba su kai shekarun ɗaukewar al'ada ba, kuma dukkansu ba sa shan abin da ya kai lita ɗaya da rabi a yini. Aka raba su biyu, rabi aka ƙara musu lita ɗaya da rabi na ruwa kullum, rabi suka ci gaba yadda suka saba. Bayan shekara, masu ƙarin ruwan ciwon ya kama su kamar sau 1.7, sauran kuwa sau 3.2. Kusan rabi ke nan ya tafi, da ruwa kawai.

Amma ki lura da su waye aka gwada, masu ƙarancin shan ruwa ne. In dama ke mai shan ruwa ce sosai, ƙarin ba zai yi miki wani abin mamaki ba. Yadda za ki gane matsayinki shi ne ki duba launin fitsarinki da rana, in ya yi ruwan ɗorawa mai duhu kuma sau uku kawai kike zagawa a yini, to kina cikinsu. Ki samu gora mai lita ɗaya da rabi ki cika da safe, wannan ƙari ne a kan abin da kika saba sha, ki dinga kurɓa a hankali har yamma ta ƙare. Kar ki ɗaga ki shanye lokaci ɗaya, kuma ki rage daga awa biyu kafin kwanciya don kar ki kwana kina tashi. Mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade mata ruwa, wannan ba nata ba ne sai ta tambaya.

Ruwan kuma ba zai yi aiki ba in kina riƙe fitsari. Duk awa 3 zuwa 4 ki zaga, ko aiki ya sha kanki. Na san masu koyarwa da ma'aikatan jinya da masu tsayuwar kasuwa da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun banɗakin waje, to su ne kuwa ciwon ya fi samu. In kin shiga kar ki yi sauri, kuma kar ki tsaya rabi-da-rabi kina shawagi a saman masai don ƙyama, a wannan tsayuwar naman ƙugu ba ya saki, fitsarin ba ya fita duka. Ki zauna ko ki tsuguna sosai, ki saki jiki, kar ki yi yunƙuri. In kin gama ki ɗan dakata kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ki ɗan rankwafa gaba, ki sake gwadawa, sau da yawa za ki ga wani ya ƙara fitowa.

Taurin bayan gida ma yana da hannu, don hanjin da ya cika yana danne mafitsara ya hana ta juyewa duka. In kina kwana biyu uku ba ki yi bahaya ba, ki gyara wannan, ganye da 'ya'yan itace da ruwa da ɗan motsa jiki.

Tsafta, amma kar a wuce gona da iri

Bayan bahaya, wanki ko sharewa daga gaba ne zuwa baya, hannun da ya je baya kar ya dawo gaba sai an wanke shi. Wajen gaba ruwa zalla ya isa, in ma za ki sa sabulu ya zama marar ƙamshi kuma a waje kawai. Cikin farji ba a wanke shi, ba a tura yatsa da sabulu, ba a zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ba a cusa komai don ƙamshi ko matsi. Dalili kuwa, akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a wurin, su ne suke sa wurin ya yi ɗan tsami ta yadda ikolai ba ta iya kafa sansani. Duk ranar da kika wanke su kin kori masu gadi ne kin bar ƙofa a buɗe. Antibayotik ɗin da ake sha barkatai shi ma haka yake musu, shi ya sa za ki ga mace ta gama maganin fitsari sai ƙaiƙayi ya biyo baya, ta sake shan wani, ciwon fitsarin ya sake dawowa.

Maganar fant na auduga da ƙin sa matsattsun kaya da canza audugar al'ada a kan kari, ki yi, ba za su cutar ba, amma gaskiya hujjarsu ba ta da ƙarfi, kar ki ɗora duk fatanki a kansu.

In saduwa ce ke tayar da shi

A wurin matan da ke da ƙuruciya wannan shi ne babban dalili, kuma shi ne aka fi jin kunyar faɗa wa likita. Ba wai maigida ne ya sa miki cuta ba, gogayyar ce take tura ƙwayoyin da ke kan fatarki zuwa cikin bututun fitsari. Alamarsa ciwon ya taso cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan saduwa, littafinki zai nuna miki wannan ƙarara.

Ki yi fitsari bayan an gama, kar ki bari barci ya ɗauke ki tukunna. In akwai bushewa a yi amfani da man santsi mai ruwa-ruwa wanda aka yi don haka, don bushewa tana ƙara gurzar wurin. Sai ki duba hanyar tazarar haihuwar da kuke bi, maganin kashe maniyyi da ake sawa a gaba, da robar da ake rufe bakin mahaifa da ita, da kwaroron roba da aka shafa wa irin wannan maganin, an tabbatar suna ƙara haɗarin sosai don suna kashe waɗancan ƙwayoyi masu amfani. Ki nemi a canza miki wata hanyar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce mace ce mai shekara 29, ba ta da ciki, ba ta da suga, ciwon ya kama ta sau huɗu a shekara, duk lokacin kemis take zuwa. Karo na biyar ta kai fitsari kafin magani, takarda ta fito an rubuta E. coli, wato ikolai ɗin nan, a gaban magungunan da ta saba sha an sa R, wato ƙwayar ta fi ƙarfinsu, a gaban naitirofurantoyin kuma an sa S, wato yana kashe ta. Likita ya ba ta naitirofurantoyin miligiram 100 sau biyu a rana na kwana 5, ta dinga sha da abinci, fitsarinta ya ɗan yi duhu wanda aikin maganin ne ba abin tsoro ba, kwana biyu zafin ya tafi amma ta ƙarasa kwanakin. Ta fara ƙarin ruwa, ta fara rubutu. Bayan wata biyu ya dawo, bayan wata biyu kuma ya sake, kalca ta tabbatar duka biyun, kuma littafi ya nuna duk washegarin saduwa ne. A nan likita ba zai ɗora ta kan magani kullum ba, sai ya ba ta ƙwaya ɗaya tak, naitirofurantoyin miligiram 50 ko 100, ta sha cikin awa 2 bayan saduwa, ranar da babu saduwa babu magani. Ya ce ta dawo nan da wata 6 da littafinta a duba. Kin ga antibayotik ɗin da za ta sha a shekara bai kai na mai sha kullum ba, kuma an bugi dalilin kai tsaye. Da ba ta yi kalca ba, da har yau tana shan maganin da ƙwayar ta riga ta fi ƙarfinsa.

In kin kai ko kin kusa ɗaukewar al'ada

Nan labarin daban ne kuma ina jin takaicin yadda ake barin iyayenmu mata suna shan antibayotik shekara da shekaru alhali maganinsu wani ne. Idan al'ada ta ɗauke sinadarin istirojin yana raguwa, fatar farji da ta bututun fitsari ta yi siriri ta bushe, ƙwayoyi masu amfani su ragu. Za ki ji bushewa, zafi lokacin saduwa, yawan fitsari, ga ciwon yana ta maimaituwa. Abin da aka tabbatar yana rage shi sosai shi ne istirojin na sakawa a gaba, kirim ko ƙaramar ƙwaya. Yadda aka saba, kullum da dare na sati 2, daga nan sau biyu a sati. Yana ɗaukar makonni har zuwa wata uku kafin ki ga cikakken amfaninsa, kuma in an daina matsalar kan dawo. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Istirojin na haɗiya kuwa ba ya hana ciwon mafitsara. Wadda ta taɓa yin kansar mama, ko take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, sai ta faɗa wa likita kafin a fara.

A wannan shekarun, ko bayan haihuwa da yawa, a duba ko mafitsara ta sauko. In kina jin kamar wani abu ya tokaro a gaba, ko kin gama fitsari kina jin bai ƙare ba, ki faɗa.

Magungunan rigakafi na kullum

Idan an gyara ɗabi'u, an duba saduwa, an duba istirojin, ciwon bai daina ba, akwai hanya biyu. Ta farko metenamin, shi ba antibayotik ba ne, in ya isa cikin fitsari mai tsami yake rikiɗewa ya zama sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, don haka ba ya koya musu taurin kai. Ana shan giram 1 sau biyu a rana. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mata 240, aka wallafa a 2022, ya nuna amfaninsa ya yi kusa da na antibayotik ɗin kullum. Ba a haɗa shi da garin nan da ake jiƙawa don rage zafin fitsari, don shi yana kashe tsamin da maganin ke buƙata, kuma bai dace da mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani ba.

Ta biyu ƙaramin antibayotik kowane dare, kamar naitirofurantoyin miligiram 50 zuwa 100 ko tiraimetofirim miligiram 100, gwargwadon abin da kalca ta nuna, na wata 3 zuwa 6 sannan a tsaya a duba. Yana aiki sosai muddin ana sha, amma yana da farashi, ƙwayoyin kan koyi jure masa, kuma ga wasu ciwon kan dawo bayan an daina. Naitirofurantoyin in an daɗe ana sha, jefi-jefi yana taɓa huhu ko hanta, don haka sabon tari, sarƙewar numfashi, ko idanu su yi ɗorawa, a tsaya a ga likita nan take. Ba a ba mai raunin ƙoda, ko mai ƙarancin sinadarin jinin nan da ake rubutawa G6PD, ko mai cikin da ya kai watan haihuwa. Tiraimetofirim kuma ana guje masa a farkon ciki. Shi ya sa ban yarda mace ta ɗora wa kanta waɗannan ba, na faɗi adadin ne don ki gane abin da aka rubuta miki ki iya tambaya.

Akwai kuma tsarin da likita zai ba ki magani ki ajiye a gida, in alamun da kika sani sun taso ki tari fitsari ki fara sha, in awa 48 ta wuce ba sauƙi ki koma. Wannan na wadda aka riga aka tabbatar da ciwonta da kalca ne.

Kiranberi fa, wani ɗan itace ja mai tsami da ake shan ruwansa ko ƙwayarsa? Tarin binciken da aka haɗa a 2023 ya nuna yana rage dawowar ciwon da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ga mata masu maimaituwa. Rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya kama, ruwansa na kwali sau da yawa sukari ne ya cika shi, kuma mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ta tambaya tukunna. Shi kuwa garin dimanos, wani nau'in sukari da ake ta tallatawa, an gwada shi a kan mata kusan 600 a binciken da ya fito a 2024 ba a ga ya hana komai ba, ni dai ba zan ce ki kashe kuɗinki a kai ba.

Wani kuskure da ake yi, mace ta warke ba ta jin komai, a yi gwaji a ga ƙwayoyi a fitsari, a sake ɗora ta kan magani. In babu alama ba a magani, yin hakan ma yana iya share hanya ga mai tsanani. Mai juna biyu ce kawai ake yi wa ko ba ta jin komai, sai wadda za a yi wa aiki a hanyar fitsari.

Inda ake zurfafa bincike, da inda ba a jira

Ba kowace mai maimaituwa ke buƙatar sikanin ba. Amma ki nemi a duba ki sosai in ciwon yana dawowa cikin sati 2 da ƙwaya iri ɗaya, in kalca tana yawan nuna ƙwayar da ake kira furotiyos wadda ke tafiya da tsakuwa, in kin taɓa yin tsakuwar ƙoda, in fitsari ba ya fita da ƙarfi, ko jini ya ci gaba da fita bayan ciwon ya warke, musamman in shekaru sun ja ko kina shan taba. Abin da za a yi yawanci gwajin suga ne, da gwajin aikin ƙoda, da sikanin na ƙoda da mafitsara wanda ake yi kafin ki yi fitsari da bayan kin yi don a auna abin da ya rage a ciki. Wani lokaci a tura ki wurin likitan mafitsara ya leƙa da kyamara. In kuwa alamun suna nan amma kalca ta fito wayam sau biyu sau uku, to a daina antibayotik a nemi wani dalilin, cututtukan saduwa, bushewar gaba, ciwon bangon mafitsara wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ko tsargiya ga wadda ta yi mu'amala da ruwan tafki ko kogi tana ganin jini a ƙarshen fitsari.

Sai alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, rawar sanyi, ciwo a gefen baya ƙasan haƙarƙari, amai har ki kasa riƙe magani, jiri ko ruɗewa, wannan yana nuna ciwon ya hau ƙoda, kuma naitirofurantoyin da fosfomaisin na jiƙawa ba sa isa can yadda ya kamata, wani maganin ake buƙata na tsawon kwanaki, wani lokaci ta jijiya. Mai juna biyu kuwa ko zafin fitsari kaɗai ta ji, ranar za ta je asibiti, don a cikin ciki yana saurin hawa ƙoda kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ki tafi da littafinki da hotunan sakamakon kalca na baya, su ne za su nuna wa likitan maganin da zai fara da shi tun kafin sabon sakamako ya fito.